Yadda za ka fitar da kwamfuta daga juyin ristat bayan ofdet ɗin Windows, ba tare da ka yi fomat ba

Jama'a abin da ya sa na zauna rubuta wannan shi ne yawan mutanen da ake goge wa aikinsu a banza. Kwamfuta ta yi ofdet, ta mutu ta taso, tambarin HP ko Dell ya fito, ɗigogin nan su yi ta juyawa, sai ta sake mutuwa ta sake tasowa, haka dai ba iyaka. Mai ita ya ɗauka ya kai kasuwa, kafin ya gama bayani an ce masa sai fomat, shi kenan hotuna da takardu da lissafin shago sun tafi. Alhali mafi yawan lokaci fayilolinka suna nan lafiya lau a kan had dis, abin da ya faru kawai shi ne Windows ta fara canza wasu fayilolinta ba ta ƙarasa ba. Kamar mai gyaran mashin ne da ya kwance inji aka kira shi kafin ya ɗaure, ba a zubar da mashin don wannan, ko dai a ƙarasa ɗaurin ko a mai da tsofaffin kayan.

A wajenmu nan Garwa da Marwa, har Njamena, babban abin da ke jawo wannan shi ne ɗaukewar wuta ofdet na tsakar tafiya, musamman a kan destof da ba shi da abin riƙe wuta, ko laftof da batirinsa ya riga ya mutu. Sai kuma had dis da ya cika maƙil, da direban da bai dace da sabon ofdet ba, wato 'yar manhajar da ke sa Windows ta yi aiki da wani sashe na kwamfuta, da had dis da ya fara gajiya.

Da farko ka tabbata juyin ne da gaske

Ofdet babba yakan sa kwamfuta ta yi ristat sau da yawa, wannan ba ciwo ba ne. In kana ganin lambar kashi cikin ɗari tana gaba ko da a hankali, ko fitilar had dis tana ƙiftawa, ka ƙyale ta, ka jona caja, ka ba ta awa biyu ko uku in tsohuwar kwamfuta ce mai had dis na juyi. Haka in ta rubuta "Annulation des modifications apportées à votre ordinateur" ko "Undoing changes made to your computer", tana ƙoƙarin gyara kanta ne, kuma kashe ta a daidai wannan lokacin shi ke mai da ƙaramar matsala babba. Juyi na gaske shi ne ka ga tana dawowa wuri ɗaya kullum, saƙo ɗaya, lamba ɗaya, ta mutu ta dawo.

Kafin komai cire duk abin da ke jone: firinta, filas, modem, had dis na waje, katin memori. Bar kibod da maus kawai. Kashe ta, ka kunna. Akwai waɗanda a nan ma matsalar take ƙarewa. Kuma don Allah kar ka fara abin da ke ƙasa sai kana da wutar da ka amince da ita, in lokacin ɗaukewa ne a unguwarku ka jira ko ka je inda ake da janareta ko sola.

Shiga ɗakin gyara

Windows 10 da 11 suna da wani ƙaramin wurin gyara a ɓoye, sunansa WinRE, shuɗin allo ne mai manyan akwatuna. Wani lokaci da kanta take kai ka, ka ga "Préparation de la réparation automatique" ko "Preparing Automatic Repair". In ba ta kai ka ba sai ka tilasta mata: kunna, da ka ga ɗigogi sun fara juyi ka danne maɓallin kunnawa kamar daƙiƙa 10 har ta mutu. Sake yin haka karo na biyu. A na uku ka bar ta ta tafi da kanta, za ta shiga gyara. In ba ta shiga ba ƙara sau ɗaya, amma kar ka zauna kana ta kashewa ba iyaka, kowace kashewar ƙarfi tana iya lalata fayil.

Da allon ya fito zaɓi "Options avancées", sannan "Dépannage", sannan kuma "Options avancées". Yawancin kwamfutocinmu da Faransanci suke, amma waɗanda suka shigo ta Mubi ko Maiduguri da Turanci za ka same su, a can sunayen su ne "Advanced options" da "Troubleshoot".

In sam ta ƙi shiga, to sai filas na girka Windows. Je wajen wata kwamfuta mai lafiya, sauko da Media Creation Tool daga shafin Microsoft, sa filas mai aƙalla giga 8, ka san duk abin da ke cikinsa zai goge, kuma zai ci data da yawa don haka ka nemi inda intanet yake da ƙarfi. Jona shi a marar lafiyar, da ka kunna ka riƙa danna F9 in HP ce, F12 in Dell ko Lenovo ce, ka zaɓi filas ɗin. A nan fa a buɗe ido: bayan zaɓen harshe kar ka danna girkawa, ka nemi "Réparer l'ordinateur" ko "Repair your computer". Shi zai kai ka wancan shuɗin allon.

Wani abu kuma, a watan Oktoba 2025 akwai ofdet na Windows 11, KB5066835, da ya sa kibod da maus na USB suka daina aiki a cikin WinRE, daga baya KB5070773 ya gyara. In ka shiga ka ga kibod ya ƙi motsi kar ka ce ya mutu ne, shiga ta filas.

Maganar BitLocker

Za ka iya cin karo da allon da ke neman makulli mai lamba 48. Wannan BitLocker ne, yana nufin had dis ɗin a kulle yake. Makullin galibi yana cikin asusun Microsoft da aka fara shiga kwamfutar da shi, ka buɗe `aka.ms/myrecoverykey` a wayarka ka shiga da wannan asusun, ka duba wanda farkon lambar shaidarsa ya yi daidai da wadda ke kan allo. In kwamfutar ofis ce ka tambayi mai kula da kwamfutocin. Abin tausayi shi ne mu da muke sayen na hannu, ko mai shago ya buɗe mana asusu da imel ɗin da ba mu riƙe ba. Ba makulli ba fayil, babu mai gyaran da zai fasa maka shi, don haka ka nemi wanda ya saita kwamfutar tun kafin ka yanke shawarar gogewa.

Kwashe kayanka tukuna

Ni a ganina wannan ne matakin da ya fi kowane, kuma shi mutane suka fi tsallakewa don gaggawa. Buɗe "Invite de commandes" ko "Command Prompt". Baƙin allo zai fito da harafin X, wannan X ba had dis ɗinka ba ne, ɗakin gyaran ne kawai. Kuma a nan ciki ba dole Windows ɗinka ta kasance a C ba, sau da yawa tana komawa D ko E. Nemo ta haka:

```
diskpart
list volume
exit
dir D:\
```

Harafin da ka ga foldojin Windows da Users da Program Files a ciki shi ne naka. Rubuta shi a takarda, don duk umarnin da ke gaba da shi za ka yi aiki. Ni zan riƙa sa D, kai ka sa naka.

Lura da kibod. Namu na Faransa ne, AZERTY, amma baƙin allon na iya ɗaukarsa a matsayin QWERTY, ka danna a ya fito q, ka nemi ɗigo biyu ka rasa. Gwada rubuta 'yan haruffa ka gani kafin ka fara, kuma ka karanta duk layin da ka rubuta kafin ka danna Entrée.

Yanzu jona filas ko had dis na waje, rubuta `notepad` ka danna Entrée. In ya buɗe ka shiga "Fichier" sannan "Ouvrir", ka canza nau'in fayil zuwa "Tous les fichiers". Wannan tagar tana aiki kamar inda ka saba duba foldoji, ka danna dama a kan folda ka kwafa, ka je filas ka liƙa. Ba za ta nuna maka sandar ci gaba ba, za ta yi tsit kamar ta sanƙare, bar ta, aiki take. In kayan suna da yawa umarni ya fi, a nan E ne filas ɗin:

```
xcopy D:\Users\Sunanka\Documents E:\ajiya\Documents /E /H /C /I
xcopy D:\Users\Sunanka\Desktop E:\ajiya\Desktop /E /H /C /I
```

Abin da ke ruɗa mutane: a Windows ta Faransanci kana ganin "Utilisateurs" da "Bureau", amma ainihin sunansu a umarni Users ne da Desktop. In ka tarar Desktop ba komai kar gabanka ya faɗi, duba cikin foldar OneDrive da ke ƙarƙashin sunanka.

In kwafin yana tsayawa yana ba da kuskuren karatu, ko kana jin had dis na ƙas-ƙas, tsaya nan. Wannan ba ofdet ba ne kaɗai, dis ɗin ne ke mutuwa. Kwashi mafi muhimmanci da farko, kar ka tsaya gyaran Windows a kansa.

Cire ofdet ɗin

Koma shuɗin allo. Za ka iya barin "Outil de redémarrage système" ko "Startup Repair" ya gwada sau ɗaya, ba ya taɓa fayilolinka, amma in ya ce bai iya ba kar ka yi ta maimaitawa. Wuce zuwa "Désinstaller des mises à jour" ko "Uninstall Updates". Zaɓi biyu ne. Na farko mai kalmar "qualité" ko "quality" shi ne ƙaramin ofdet na wata-wata, wanda Microsoft ke saki ranar Talata ta biyu a kowane wata. Na biyu mai "fonctionnalités" ko "feature" shi ne babba, wanda ke canza sigar Windows ɗungurungum, kamar daga 23H2 zuwa 24H2 ko daga 10 zuwa 11. Fara da na farko. Na biyun yana aiki ne cikin kwana 10 kawai bayan canjin, kuma sai foldar Windows.old tana nan, in wani ya goge ta don neman wuri to wannan ƙofar ta rufe. Za a iya tambayarka kalmar sirrin asusu, kalmar sirri ake nufi ba 'yar lambar PIN da ka saba ba.

In ya yi, kwamfuta za ta ɗan jima tana juyi sannan ta buɗe. In bai yi ba kuma akwai "Restauration du système" ko "System Restore", zaɓi ranar da ta gabaci ofdet. Ba ya taɓa takardunka, sai dai manhajojin da ka sa bayan wannan ranar za su fita. Matsalarsa ita ce a kwamfutoci da yawa ba a kunna shi ba, sai ya ce babu wurin komawa, to ba laifi, ci gaba.

Wata kwamfuta da na duba a Marwa

Akwai wata baiwar Allah mai sakatariya, inda ɗalibai ke kai buga takardu da kundin kammala karatu. Destof ne Dell na hannu, Windows 10 ta Faransanci, had dis na juyi. Da yamma ta kashe, ta fara ofdet, yana kashi 30 aka ɗauke wuta. Washegari sai "Annulation des modifications" ta mutu ta dawo, daga safe har azahar. Ta ce min, "Malam ni dai kundin yaran nan, an ce sai fomat." Na ce, "Hajiya ba za a goge komai ba sai mun kwashe, ba ni filas."

Kashewar ƙarfi ta kai mu WinRE. `list volume` da `dir` suka nuna Windows tana D, kuma a nan na lura wurin da ya rage a dis ɗin bai kai giga 2 ba, cike yake da bidiyon biki a Downloads. Muka kwashe Documents da Desktop, muka buɗe filas ɗin a wata kwamfuta muka tabbatar kundayen suna buɗewa, sannan muka mai da bidiyon had dis na waje muka goge su daga ciki, da izininta. Cire ofdet ta akwatin nan ya ƙi, kuma hakan yakan faru in ofdet bai gama shiga ba, ai ba ka cire abin da yake rataye. A nan ne wannan umarnin yake da amfani, yana gaya wa Windows ta janye duk aikin da ta bari a rataye:

```
md D:\wucingadi
dism /Image:D:\ /ScratchDir:D:\wucingadi /Cleanup-Image /RevertPendingActions
```

Layin farko folda ce kawai da DISM zai yi aiki a ciki, don wurin da ke X ƙarami ne. Ya ɗan jima sannan ya ce aikin ya yi nasara. Muka rufe, muka zaɓi "Continuer". Saƙon janye canje-canje ya sake fitowa, Hajiya ta ce ai ga shi nan ya dawo, na ce ki bari, wannan karon yana da abin yi. Ta yi ristat da kanta, ta jima, sai ga allon shiga. Wannan umarnin don kwamfutar da ta kasa tashi aka yi shi, kar ka je kana gwada shi a kan mai lafiya.

Da bai yi ba, abin da zan bi da shi shi ne duba dis da fayilolin Windows:

```
chkdsk D: /f
sfc /scannow /offbootdir=D:\ /offwindir=D:\Windows
```

Na farko yana gyara tsarin fayil da ɗaukewar wuta ta hargitsa, na biyu yana neman fayilolin Windows da suka lalace. Za ka ga ana cewa a sa `/r` a chkdsk, wannan yana karanta dis ɗin kaf, yana iya cin awanni, kuma in dis ɗin dama yana kan gargara zai iya ƙarasa shi, shi ya sa ba na yi sai kaya sun fita.

In allon kuskure ne ke walƙiya ya ɓace

Wani juyin ba saƙon ofdet ba ne, allon kuskure ne ke fitowa ya ɓace kafin ka karanta. Shiga "Paramètres" a cikin zaɓuɓɓukan gyara, a Turanci "Startup Settings", danna ristat, jerin lambobi zai fito. Danna F9, wannan yana hana ta ristat bayan kuskure, sai allon ya tsaya ka ɗauke shi hoto da waya. Yi amfani da maɓallan F, don a AZERTY lambobin sama sai da Shift.

In ka ga sunan fayil mai ƙarewa da .sys, direba ne. Koma jerin ka danna F4 don "Mode sans échec", wato Safe Mode, inda Windows ke tashi da 'yan direbobi kaɗan. In ta buɗe a nan albishir ne, ka shiga "Gestionnaire de périphériques" ka mai da direban baya ko ka cire shi, galibi na katin hoto ne ko na wifi, ko kuma antibairos na daban da aka sa.

In kuma INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE ka gani, Windows ta kasa karanta dis ɗinta ne. Ofdet na iya jawo shi, amma a tsofaffin destof ɗinmu ka duba kwanan wata a BIOS, wato allon saitin kwamfuta da ake shiga tun kafin Windows ta tashi. In ya koma shekarun baya to ƙaramin batirin nan CR2032 ya mutu, saitin ya koma na asali, kuma mai yiwuwa yanayin SATA, wato yadda kwamfuta ke magana da dis, ya sauya tsakanin AHCI da RAID. Rubuta yadda ka same shi, canza zuwa ɗayan, gwada, in bai yi ba mai da shi yadda yake. In akwai BitLocker makullinka ya kasance a hannu kafin ka taɓa BIOS.

Bayan ta tashi

Kar ka saki jiki, ofdet ɗin zai dawo. Shiga Windows Update ka dakatar da shi tukuna, ana iya kaiwa mako 5. Buɗe "Invite de commandes" a matsayin mai gudanarwa ka kawar da fayilolin da aka sauko da su, don wataƙila a lalace suke:

```
net stop wuauserv
net stop bits
ren C:\Windows\SoftwareDistribution SoftwareDistribution.old
```

Yanzu C ne, tunda kana cikin Windows. Yi ristat, za ta ƙirƙiri sabuwar folda da kanta. Samar da wuri a dis, ni ba na barin ƙasa da giga 20 kafin ofdet, kunna "Protection du système" don ka samu wurin komawa gaba, sannan ka zaɓi lokacin da wuta take tsaye ka sa ofdet ɗin da hannunka kana zaune. Ban yarda da masu kashe ofdet gaba ɗaya ba, kwamfutar da filas ɗin mutane ke shiga kullum tana bukatarsa. Masu Windows 10 kuma su sani tallafinta na kowa da kowa ya ƙare ranar 14 ga Oktoba 2025.

In duk wannan ya ƙi, saura "Réinitialiser ce PC" tare da "Conserver mes fichiers", a Turanci "Reset this PC" da "Keep my files". Yana barin fayilolinka amma yana cire duk manhajojin da ka sa, Office da direban firinta da manhajar lissafi, don haka ka tanadi lasisinsu da abin girka su. Karanta zaɓin sau biyu, wanda ke ƙarƙashinsa, "Supprimer tout", goge komai yake. In wannan ma ya kasa to yanzu ne girka Windows sabuwa da filas ɗin nan ya halatta, kuma in dis ɗin ya nuna alamar gajiya lokacin kwafi ka sa sabo, SSD in da hali, ka ajiye tsohon a gefe kar a taɓa shi har ka tabbatar ba abin da ka manta a ciki.